Minti Shida a Kwali, Minti Tara a Kicin: Yadda Ake Daidaita Lokacin Maikirowef

Duk kwalin abincin da aka yi don maikirowef yana ɗauke da lambobi biyu, amma ɗaya kawai ido yake faɗawa kai. Kowa na ganin mintocin, domin su ake bugawa da manyan haruffa. Lamba ta biyu takan ɓuya a ƙasa ko a gefe, cikin rubutu ƙanana: `1000W`, ko `800W`, ko `1100W`. Wannan ita ce ƙarfin na'urar da kamfanin ya gwada abincin a cikinta, kuma mintocin da aka rubuta ba su da ma'ana sai an haɗa su da ita. Wanda ya bi mintocin ya manta da lambar wat, yakan tarar da shinkafa tana turiri a gefe amma tsakiyarta ƙanƙara, ko kuma nama ya bushe ya yi tauri ba ya taunuwa. Daga nan sai a ɗora wa abincin laifi, ko a ce na'urar ce ta lalace, alhali kowannensu lafiyarsa ƙalau.

Wat ma'auni ne na saurin da na'ura take zuba zafi cikin abinci. Abin da abincin yake bukata kuwa shi ne wani adadi na zafi, ko ya zo da sauri ko ya zo a hankali. Kamar cika bokiti ne a famfo: bokitin bai damu da ƙarfin ruwan ba, cikarsa dai ɗaya ce, sai dai famfo mai rauni zai daɗe kafin ya cika shi. Idan kwali ya ce minti 4 a wat 1000, abin da yake nufi shi ne a zuba wa abincin zafin da wat 1000 suke bayarwa cikin minti 4. Na'ura mai wat 700 tana iya ba da wannan zafin, amma sai an ƙara mata lokaci, kuma ƙarin yana da lissafi, ba kintace ba ne.

```
sabon lokaci = lokacin kwali × wat na kwali ÷ wat na na'urarka
```

Kafin a yi wannan lissafi sai an san ƙarfin na'urar da ke kicin, kuma a nan ne mutane da yawa suke fara ɓata hanya. A bayan kowace maikirowef, ko a jikin bakin ƙofarta, akwai takardar da aka manna mai ɗauke da lambobi. Za a ga `Input` ko `Rated Input`, sannan a ga `Output` ko `Microwave Output`. Ta farkon ita ce wutar da na'urar take sha daga bango, ta biyun kuma ita ce ƙarfin da ke isa ga abinci. Ƙananan na'urori masu cin lita 20, waɗanda suka cika shagunan kayan lantarki a Kano da Kaduna da Abuja, yawancinsu wat 700 suke bayarwa, amma suna shan tsakanin 1050 da 1200. Abin da ya rage yana tafiya ne a matsayin zafi a jikin magnetiron, wato bututun da ke samar da igiyoyin, da tiransifoma, da fanka, da ƙwan fitila. Idan mutum ya ɗauki lambar `Input` ya sa a lissafi, zai zaci na'urarsa ta fi ta kamfanin ƙarfi, sai ya rage lokaci a inda ya kamata ya ƙara. Mai shago ma wani lokaci babbar lambar yake faɗa wa mai saye, ba lallai don yaudara ba, don ita ce ta fi daɗin faɗa. A na'urorin da ke da gasawa kuma akwai lamba ta uku, `Grill`, wadda ita ma ba ta shiga wannan lissafi ko kaɗan.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Uwargida ta sayo daskararren kwalin shinkafa da kaza. Umarnin da ke jiki ya ce an gwada shi a wat 1000: a huda ledar saman, a dafa minti 4 a cikakken ƙarfi, a buɗe a juya, a mayar minti 2, sannan a bar shi ya huta minti 2 kafin a ci. Na'urarta wat 700 ce. Abu na farko shi ne a mai da mintoci sakan, domin lissafin ya fi tsabta a haka. Minti 4 sakan 240 ne. A ninka da 1000, a raba da 700, sai a sami sakan 343, wato minti 5 da sakan 43. Zango na biyu sakan 120 ne, kuma idan aka bi da shi ta hanya ɗaya zai koma sakan 171, wato minti 2 da sakan 51. Abin da kwali ya kira minti 6 ya zama minti 8 da rabi da 'yan kai. Bambancin ya haura minti 2 da rabi, kuma ga abincin da ya fito daga firiza wannan shi ne tsakanin dafaffe da wanda tsakiyarsa bai ko narke ba.

Dalilin da ya sa na ce a koma sakan shi ne tarkon kalkuleta. Idan aka buga 4 × 1000 ÷ 700 a waya, za ta nuna 5.71. Wannan ba minti 5 da sakan 71 ba ne, 0.71 ɗin kaso ne na minti, kuma ya yi daidai da sakan 43. Haka nan 2.5 minti 2 da sakan 30 ne, ba 2 da 50 ba. Kuskuren ƙarami ne a girki mai tsawo, amma a abin da ke bukatar minti ɗaya ko biyu, kamar madara ko kunun ots, ya isa ya sa kofi ya tumbatsa ya ɓata faranti.

Ba sai an riƙa wannan lissafi kullum ba. Rabon wat na kwali da wat na na'ura lamba ce guda da ba ta canzawa muddin na'urar ita ce. Ga mai wat 700, kwalin da ya ce 1000 ana ninka lokacinsa da kusan ɗaya da rabi sai kaɗan ya rage, wato kowane minti ya zama minti 1 da sakan 26. Kwalin da ya ce 800, irin wanda aka fi gani a kayan da suka fito daga Ingila, kowane mintinsa minti 1 da sakan 9 ne. Na Amurka, da yawanci suke rubuta 1100, kowane minti ya zama minti 1 da sakan 34. Waɗannan layuka uku idan aka rubuta su a 'yar takarda aka manna a gefen na'urar, yara ma za su iya bi. Wasu kwalayen kuma suna sauƙaƙa aikin da kansu, su ba da lokaci biyu, misali minti 5 a wat 700 da minti 4 a wat 900. Mai wat 800 sai ya tsaya a tsakiya, minti 4 da rabi.

To, minti 2 na hutawa fa? Shi ba a taɓa shi, ba a ƙara ba a rage, kuma ba a tsallake shi. A ganina wannan ne layin da aka fi raina wa a jikin kwali, bayan kuwa aikin da yake yi ba ƙarami ba ne. Igiyoyin maikirowef ba sa ratsa abinci har can ciki. A abinci mai ruwa-ruwa ƙarfinsu yana ƙarewa ne cikin santimita ɗaya zuwa biyu ko uku daga waje. Maganar da ake yi cewa maikirowef daga ciki take fara dafawa ba gaskiya ba ce. Tsakiyar abinci mai kauri tana samun zafinta ne daga ɓangaren waje da ya riga ya yi zafi, kuma wannan tafiyar zafin daga gefe zuwa tsakiya tana da nata saurin, wanda ba ruwansa da yawan wat. Shi ya sa lokacin hutawa yake cikin girkin. Wanda ya ciro kwali da jin ƙarar na'ura ya hau ci, ya katse dahuwa ne ana cikin yinta.

Daskararren abinci yana da wata matsalar ta daban. Ƙanƙara ba ta shan igiyoyin sosai, ruwa kuwa yana sha ƙwarai. Da zarar wani lungu ya narke, sai ya riƙa kwashe mafi yawan ƙarfin, ya yi ta zafi har ya tafasa, maƙwabcinsa kuma yana nan daskare. Ga kuma yadda igiyoyin suke kai da kawowa a cikin akwatin, suna haifar da wurare masu zafi da wurare masu sanyi da tazarar kusan santimita 6 a tsakanin mai zafi da mai zafi. Farantin da ke juyawa yana rage wannan, bai kawar da shi ba. Saboda haka idan kwali ya ce a juya a tsakiyar girki, a juya da gaske, a kwaso na tsakiya a kai gefe, a turo na gefe ciki. Idan lokacin ya tsawaita saboda na'urar ba ta da ƙarfi, ƙarin juyawa sau ɗaya ba ya cutarwa.

Zuwa nan mun ɗauka cewa na'urar da aka rubuta wa wat 700 tana ba da 700 ɗin. A ɗakin gwajin kamfani haka ne, domin a can ana aunawa ne da sabuwar na'ura, mai sanyi, da wutar da ta cika daidai. A gidajenmu labarin yakan bambanta. An tsara waɗannan na'urori ne don wuta mai bolt 220 zuwa 240, amma duk wanda ke zaune a unguwar da tiransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da kima ya san yadda wuta take raguwa da magariba, fanka na juyawa da ƙyar, ƙwai ya yi ja. Maikirowef irin ta da, mai babban tiransifoma a ciki, ƙarfinta yana sauka tare da wutar. Idan wutar ta yi ƙasa sosai ma, fitilarta za ta kama, faranti ya juya, a ji gurnaninta kamar kullum, amma a ciro abinci da sanyinsa. Ƙaramin janareto da ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba shi ma ba zai ɗauke ta ba, tunda abin da take sha ya haura haka, kuma a lokacin tashi tana fizgar fiye da hakan. Masu sola da inbata su ma lambar `Input` za su duba, ba ta `Output` ba. Ban da wuta, akwai tsufa: magnetiron yana rage ƙarfi da shekaru, kuma na'urar da aka sayo ta hannu, irin kayan da ake kira na Beljiyam, babu wanda ya san yawan aikin da ta sha kafin ta iso. Hatta lafiyayyar na'ura, idan ta jima tana aiki ta yi zafi, kwali na uku ba zai sami ƙarfin da na farko ya samu ba.

Hanyar fita daga wannan ita ce a auna ƙarfin a gida, kuma ruwa kawai ake bukata da ma'aunin zafi na girki. Na auna zazzabi ba zai yi ba, domin ba ya karanta sanyin ruwa. A sami ruwa lita ɗaya cif. Ledar fiya wata biyu masu `50cl` sun wadatar. A zuba a kwano mara nauyi na roba ko gilashi wanda aka yarda a sa a maikirowef, ba na ƙarfe ko silba ba. Ya fi kyau ruwan ya zama mai ɗan sanyi, kusan digiri 20, don haka a lokacin zafi sai a gauraya da na firij. A juya ruwan, a auna, a rubuta. A sa a na'ura a cikakken ƙarfi na minti 2 daidai, a duba da agogon waya. A ciro, a juya sosai domin saman ruwan ya fi ƙasansa zafi, a sake aunawa nan take.

```
wat = (zafin ƙarshe − zafin farko) × 35
```

Lambar 35 ba daga sama ta faɗo ba. Lita ɗaya ta ruwa tana bukatar jul 4187 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, wat ɗaya kuma jul ɗaya ne a kowane sakan. Idan aka raba 4187 da sakan 120 sai a sami kusan 35. A ce ruwan uwargidan nan ya tashi daga digiri 20 zuwa 38. Ƙarin 18 ke nan, a ninka da 35, ya ba da 630. Wannan gwaji ba na ɗakin bincike ba ne: kwanon yana shan ɗan zafi, magnetiron yana ɗaukar sakan biyu ko uku kafin ya fara aiki, kuma kuskuren digiri ɗaya a ma'auni wat 35 ne. Don haka idan na'urar wat 700 ta nuna 660 ko 670, lafiyarta lau. Amma idan ta nuna 500, akwai magana, ko daga wuta ko daga ita kanta. Yadda za a bambance shi ne a maimaita gwajin da hantsi lokacin da wuta ta cika, a kuma sake da dare. Idan lambar ta tashi da rana, matsalar layi ce, kuma sitabilaiza mai isasshen ƙarfi zai taimaka. Idan ta ƙi tashi a kowane lokaci, sai a kai wa mai gyara. Kada wanda bai san aikin ba ya kwance murfin na'urar, domin akwai kafasita a ciki da ke iya riƙe wutar da za ta kashe mutum ko bayan an zare filogi.

Da wannan lamba ta 630, lissafin shinkafa da kazar nan ya sake sauyawa. Zango na farko ya koma minti 6 da sakan 21, na biyu minti 3 da sakan 10. Jimilla minti 9 da rabi, kusan minti ɗaya sama da abin da takardar bayan na'ura ta nuna, kuma minti 3 da rabi sama da abin da ke jikin kwali. Wani zai ce ai wannan cin wuta ne. A gaskiya kusan duk ɗaya ne, domin ƙaramar na'ura tana sha kaɗan na tsawon lokaci, babba tana sha da yawa na ɗan lokaci. Na'urar da ke shan wat 1150, idan ta yi minti 9, ba ta cinye ko kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗaya a mita ba.

Idan kuma na'urar gida ce ta fi ta kwali ƙarfi, lissafin bai canza ba, sai dai akwai hanya ta biyu da na fi so. A ce kwali ya ce minti 3 a wat 800, na'urar kuma wat 1200 ce. Lissafi zai ba da minti 2. Zafin da aka zuba daidai ne, amma an zuba shi cikin gaggawa, kuma mun ga cewa tsakiyar abinci ba ta san gaggawa ba. Sakamakon shi ne gefe ya ƙone, ciki bai ji ba. Maimakon a rage lokaci, gara a rage ƙarfi: a danna `Power Level` a sa 70, wato kashi 70 cikin 100 na 1200, wanda ya kama 840, sannan a bar minti 3 ɗin yadda suke. Ga ruwan shayi ko miya mai ruwa, rage lokaci ya wadatar tunda ana iya juya su. Ga abinci mai kauri, ko daskararre, ko mai ƙwai da cuku, rage ƙarfi ya fi ba da abinci mai kyau.

Yana da kyau a san abin da na'urar take yi idan an rage mata ƙarfi. Yawancin maikirowef ba su iya rage ƙarfin da gaske ba; kunnawa suke yi su kashe. A kashi 50, magnetiron yana aiki da cikakken ƙarfinsa na wasu sakanni, ya huta kamar haka, ya sake tashi. Mai kasa kunne zai ji gurnanin yana sauyawa, wani lokaci fitilar ɗaki ma tana ɗan lumshewa duk sanda ya tashi. A girki na mintoci da yawa wannan ba matsala ba ce, hutun ma yana ba zafi damar shiga ciki. A abin da bai wuce sakan 20 ko 30 ba kuwa, kamar narkar da bota, ba a iya dogaro da kason, domin lokacin na iya ƙarewa kafin hutun farko ya zo. Na'urori masu rubutun `Inverter` su ne suke rage ƙarfin a miƙe ba tare da kashewa ba.

Wannan dabarar tana amfanar mai ƙaramar na'ura ma, a wani wuri guda da mutane ba su cika lura ba. Wasu kwalayen suna cewa a dafa a rabin ƙarfi, misali minti 10 a kashi 50 a na'urar wat 1100. Rabin 1100 shi ne 550, kuma na'urar wat 700 tana da wannan ƙarfin har da saura. Babu bukatar a tsawaita lokaci zuwa kusan minti 16 a rabin ƙarfi. A sa ta a kashi 80, wanda ya ba da 560, a bar minti 10 ɗin. A na'urori masu murɗawa biyu, waɗanda ba su da lambobi sai `Low`, `Defrost`, `Medium`, `M.High` da `High`, matakin `M.High` a da yawa daga cikinsu yana kusa da kashi 77, wato kimanin wat 540, kuma ya isa. Su waɗannan masu murɗawar suna da wani hali: agogonsu ba ya riƙe gajeren lokaci daidai. Idan ana son minti 1 ko 2, a murɗa ya wuce, sannan a dawo da shi inda ake so, ko kuma kawai a kama lokaci da waya.

Akwai inda lissafin yake tsayawa. Kwali yana ɗauka cewa abincin ya fito ne daga firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, ya daskare kamar dutse. Firizar da ta kwana babu wuta tana ba da abincin da gefensa ya saki, kuma irin wannan zai yi zafi da wuri fiye da lissafi. Idan kuwa ya narke gaba ɗaya ya jima a haka har ya ɗumama, maganar ba ta lokaci ba ce kuma. Akwai ƙwayoyin cuta da ke barin guba a abinci, musamman dafaffiyar shinkafa, wadda ɗumamawa ba ta kashe ta. Yawa ma yana canza lissafi: kwali biyu a lokaci guda suna raba ƙarfin ne a tsakaninsu, lokacin zai kusan ninkuwa, kuma dahuwar ba za ta zo daidai ba. Ɗaya bayan ɗaya ya fi. Saboda irin waɗannan dalilai, idan lissafi ya ba da minti 6, a tsaya a 5 a duba, sannan a riƙa ƙarawa sakan 30 sakan 30. Abin da bai ji ba ana iya mayar da shi, wanda ya bushe kuwa ya bushe ke nan.

Sai dai wannan shawara ta tsayawa da wuri ta ɗanɗano ce, ba ta lafiya ba, kuma akwai abincin da dole a tabbatar ya kai. Wasu daskararrun kayan, musamman kazar da aka lulluɓe da garin burodi aka ɗan soya bayanta, suna kama da dafaffu alhali cikinsu ɗanye ne. A 2007 an sami ɓarkewar cutar salmonela a Amurka da aka danganta da wani daskararren fai mai nama a ciki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 401 a jihohi 41. Mafi yawan waɗanda aka zanta da su a maikirowef suka dafa shi, kuma waɗanda suka san wat ɗin na'urarsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ma'aunin da hukumomin Amurka suke bayarwa ga kaza da abincin da aka ɗumama shi ne tsakiyarsa ta kai digiri 74. Ana aunawa ne bayan lokacin hutawa, a wuri biyu ko uku, musamman inda ya fi kauri. Inda babu ma'auni, a yanka tsakiya a ga turiri yana fita daga can ciki, ba daga gefe kaɗai ba, a kuma taɓa ƙasan kwanon ta tsakiya: idan nan ɗin da ɗumi-ɗumi ne kawai, a mayar. Idan kwali ya ce ɗanye ne kuma bai ba da umarnin maikirowef ba, ko ya ce kada a yi amfani da na'urar da ta gaza wani adadin wat, to babu lissafin da zai gyara wannan. A kai shi oben ko kasko.

Gugguru na leda shi ne wanda bai kamata a yi masa lissafi ba sam. Mintocin da ke jikinsa iyaka ce kawai, kuma tsakanin fashewar ƙwayar ƙarshe da ƙonewar leda sakanni ne ƙalilan. A sa lokacin ya ɗan wuce wanda aka rubuta idan na'urar ƙarama ce, a tsaya a gabanta, a saurara. Fashewar za ta fara ɗaya-ɗaya, ta yi yawa, sannan ta fara ja baya. Da zarar an sami tazarar kusan sakan 2 tsakanin fashewa da fashewa, a kashe. A na'urar wat 700 za a tarar da ƙwayoyin da ba su fashe ba a ƙasan leda fiye da yadda za a gani a mai ƙarfi, domin masarar tana son zafi mai zuwa da sauri. Ƙara minti don a fasa su ba ya fasa su, sai dai ya ƙona waɗanda suka riga suka fashe.